Kafin ka liƙa farin soso a ƙarƙashin kwanon ɗakinka, karanta wannan

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, musamman masu gini, kafintoci, masu wayarin, da duk mai shirin yin silin kafin bazara ta kankama.

Makon jiya na je Warra gaisuwa, sai Kawuna ya ja ni in ga sabon shagonsa. Shago ne na ƙanƙara da ruwan sanyi, firiza biyu, batiran sola huɗu da inbata a lungu, ga kuma 'yar katifar yaran shago biyu da ke kwana a ciki suna gadi. Ina shiga na ji sanyin wurin ya bambanta da na maƙwabta. Da na ɗaga kai sai na ga dalili. An bi ƙarƙashin kwanon gaba ɗaya an jera allunan farin soson nan, irin wanda ake samu a cikin kwalin sabuwar talabijin, wanda masuntanmu ke yankawa su ɗaura wa taru don ya yi iyo. Kaurinsa inci biyu, fari fat, babu komai a ƙasansa. Wayoyin wuta kuma an ratsa su ta cikinsa.

Kawu yana ta murmushi, ya ce, "Ka ga dabara ko? Ko azahar ta yi, nan kamar ƙarƙashin mangwaro."

Na ce, "Kawu, sanyi kam kun samu. Amma ku ba ni dama in faɗa muku abin da ya tsorata ni."

Ya ce, "Na san abin da za ka ce, ɗan nan. Gobara ko? Wanda ya sayar mini ya ce wannan ba ya cin wuta. A gabana ya gwada."

Ya ɗauko guntun da ya rage, ya ƙyasta laita ya kara masa. Soson ya lotsa, ya ja baya kamar yana gudun wutar, ya ɗan yi baƙi. Da ya janye laitar, babu wuta a jikinsa. Ya dube ni ya ce, "To, sai ka ce me?"

Shekaruna sun haura goma ina aikin gini tsakanin Yauri, Kontagora da Birnin Kebbi, kuma wannan gwajin laitar na gan shi ya fi a ƙirga. Mai sayarwar bai yi wa Kawu sihiri ba, abin da ya nuna gaskiya ne. Matsalar ita ce gwajin yana amsa wata tambaya ce daban da wadda ya kamata mu yi. Yana nuna cewa ƙaramar wuta ta daƙiƙa kaɗan ba za ta kama soson ba. Bai faɗi komai ba game da abin da zai faru idan katifa ko kwali ko batir ya kama a ƙasa, wuta ta yi tsawon mutum tana lasar silin.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: soso tsirara bai kamata ya kalli ɗakin da mutane ke kwana, ko karatu, ko salla, ko ciniki ba. Ba na cewa a daina amfani da shi. Duk wanda ya san zafin Maris da Afrilu a ƙasar Yauri, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40, kwano ya mayar da ɗaki tanda, ba zai ga laifin mai neman sauƙi ba. Soso yana aiki sosai wajen tare zafi. Amma dole a rufe shi da abin da ba ya ci, kuma ga dalilina.

Farin soson nan sunansa folistarin, a takarda za ka ga an rubuta EPS. Kusan kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce, shi ya sa ba shi da nauyi, shi ya sa kuma zafi ba ya ratsa shi da sauƙi. Amma ragowar kashi biyun roba ce da aka samo daga man fetur. Na zauna na yi wa Kawu lissafi a bayan kwali. Shagonsa mita 4 ne a mita 5, wato murabba'in mita 20. Soso mai kaurin santimita 5 a wannan faɗin ya tashi mita ɗaya ta kowace fuska idan aka tara shi, nauyinsa wajen kilo 15. Kilo ɗaya na wannan robar idan ya ƙone, zafin da yake fitarwa ya kusa kamo na kilo ɗaya na fetur, ya kuma ninka na busasshen itace sau biyu da wani abu. Kilo 15 ɗin nan daidai yake da fetur wajen lita 18. Na ce, "Kawu, da wani zai ce ku rataya lita 18 na fetur a saman kan yaran nan suna barci, za ku yarda?" Ya yi shiru.

Wani zai ce ai kayan da ke cikin shago ma suna ci, wataƙila ma sun fi soson yawa. Haka ne. Amma bambancin yana wurin da aka sa shi. Idan wuta ta tashi a ɗaki, zafi da hayaƙi sama suke yi, su taru a ƙarƙashin silin su bazu ko'ina. Wurin da ya fi ko'ina zafi ke nan, kuma nan muka shimfiɗa soson, faɗinsa duka a buɗe. Tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba ya fara laushi. Daga nan sai ya narke, ya fara ɗiga. Idan zafin ya haura digiri 350, turirin da ke fita daga jikinsa ya kama, ɗigon nan ya riƙa saukowa da wuta a jikinsa, kan katifa, kan kwali, kan mutum. Wutar da ta fara a lungu guda sai ta zama ruwan sama a ɗakin gaba ɗaya, ga baƙin hayaƙi mai kauri da ke rufe ido, mutum ya kasa gane ƙofar ɗakin da ya saba da shi.

Don Kawu ya gani da idonsa, muka fita fili bayan shagon, nesa da komai, da bokitin ruwa a gefe. Na jingina guntaye biyu suka yi kusurwa, na ɗora na uku a sama kamar rufi, na cusa yagaggen kwali a ƙasa na kunna. Soson da ya ƙi laita ɗazu, ko minti ɗaya bai yi ba ya kama, yana tsiyaya, hayaƙin ya turnuƙe baƙi ƙirin. Maganin da ake zuba wa irin wannan soso a masana'anta aikinsa ya hana ƙaramar wuta kama shi ne kawai. Idan wutar ta girma, maganin ba ya iya komai. Don Allah kada wani ya gwada wannan a cikin ɗaki ko kusa da yara.

Yanzu bari mu zo kan haruffan da ake rubutawa a jikin kaya, domin nan ne ake yi mana wayo. Kayan gini na kirki suna zuwa da shaidar gwajin wuta. Tsarin da za ka fi cin karo da shi a kayan Turai da Turkiyya shi ne EN 13501-1, wanda ya jera kaya daga A1 zuwa F. A1 shi ne abin da ba ya ci sam: bulo, kankare, ƙarfe, gilashi, audugar dutse. A2 shi ne wanda kusan ba ya ci, kamar allon jifsam mai fatar takarda. Daga B zuwa E duk suna ci, sai dai wani ya fi wani sauri. F kuma shi ne wanda ya kasa cin ko ƙaramar jarrabawar.

Abin da ya sa na ɗauki haruffan nan da muhimmanci shi ne an ɗaure su da wani gwaji mai kama da rayuwarmu. Ana gina ƙaramin ɗaki mai tsawon mita 3.6 da faɗin mita 2.4, a lulluɓe bangonsa da silin da kayan da ake son gwadawa, a kunna wuta a kusurwa, sannan a duba agogo a ga yaushe ɗakin gaba ɗaya zai ɗauka lokaci guda, wuta ta yi tsartuwa ta ƙofa. Kayan da ke matakin B ba sa kai ɗakin ga haka cikin minti 20 na gwajin. Na matakin C sai bayan minti goma. Na matakin D tsakanin minti biyu zuwa goma. Na matakin E kuwa, ƙasa da minti biyu. To farin soso mai maganin wuta, wanda ake ce mana "ba ya ci", a matakin E yake. Marar maganin kuma F. Gwajin da ake yi kafin a ba da E ma ɗin, ƙaramar wuta ce ake kara wa kayan na daƙiƙa 15. Wato laitar Kawu ce, sai dai an yi ta a ɗakin bincike.

Ku tsaya ku yi tunanin minti biyu. Yaro yana barci ƙarfe uku na dare, ya farka, ya gane abin da ke faruwa, ya laluba makulli, ya buɗe kwaɗon ƙofar ƙarfe a cikin hayaƙi. Minti biyu ba su isa ba.

Bayan babban harafin akwai wasu ƙanana biyu. Harafin s na hayaƙi ne, s1 kaɗan, s3 mai yawa. Harafin d na ɗigon wuta ne, d0 babu, d2 akwai sosai. Idan ka ga A2-s1,d0 ka sami abu mai kyau: kusan ba ya ci, hayaƙinsa kaɗan, ba ya ɗiga. A silin, ni harafin d ɗin nan ya fi tsaya mini a rai, domin abin da ke sama ƙasa zai faɗo.

Ga kuma tarkon da na ga ya kama mutane masu ilimi. Kaya da yawa a kasuwanninmu daga Sin suke zuwa, kuma su tsarinsu daban ne, sunansa GB 8624, mai matakai A, B1, B2 da B3. Jamusawa ma suna da tsohon tsari mai B1 da B2. Mutum zai ga B2 a jikin buhu ya ɗauka ai B ne, kusa da A, abu ya yi kyau. Alhali B2 a can ma'anarsa abu ne mai cin wuta kamar yadda aka saba. Ko B1 ɗin ma ma'anarsa "mai wuyar kamawa" ne, ba "marar ci" ba. Saboda haka harafi kaɗai ba ya isa, sai ka ga lambar tsarin da ke gabansa. Idan babu lamba, babu takarda, sai bakin mai shago kawai, to ka ɗauke shi a matsayin F ka huta.

Kuma ko takardar ma sai an karanta ta da hankali. Gwaji ana yin sa ne a kan wani kauri, da wata fata, a liƙe a jikin wani abu. Idan an gwada soso a bayan filasta ya ci jarrabawa, wannan shaidar ta soso da filastar ce tare, ba ta soso tsirara ba. Mutanen Landan sun koyi wannan darasi da tsada. Ranar 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi daga firij a hawa na huɗu na dogon benen Grenfell mai hawa 24. Ta fita ta taga ta sami allunan ado masu roba a tsakiya da soson tare sanyi da aka lulluɓe ginin da su, ta haye har ƙololuwa. Mutum 72 suka rasu. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike, wanda ya fito a Satumban 2024, ya nuna cewa wasu kamfanonin sun yi rashin gaskiya wajen gwaji da tallan kayansu. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da masu duba gini a kowace unguwa, ina ga mu da babu mai zuwa ya leƙa silin ɗinmu? A nan, mai gida shi ne sufeton kansa.

Akwai wani soson kuma, mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira foliyuretan. Shi ne a jikin firij da kula, shi ne a tsakiyar allunan ɗakin sanyi da masu kifi da masu ƙanƙara suka fara kawowa garuruwan bakin ruwa, danginsa ne kuma soson katifa. Mai taurin cikinsu ba ya narkewa ya ɗiga kamar fari, yakan yi gawayi a fuska, amma hayaƙinsa ya fi muni, domin ban da iskar gawayi mai kisa yana fitar da gubar sayanaid. A garin Santa Mariya na ƙasar Barazil, a Janairun 2013, tartsatsin wasan wuta ya taɓa irin wannan soso da aka liƙa tsirara a silin wani gidan rawa don tare ƙara. Mutum 242 suka mutu, akasarinsu hayaƙin ne ya kashe su, wutar ba ta ma taɓa su ba. Na kawo wannan ne saboda na fara ganin soson tare ƙara a gidajen kallon ƙwallo da ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa a garuruwanmu, ƙofa ɗaya, mutum hamsin a ciki.

Kawu ya ce, "To ai rufin nawa kwano ne, kwano kuwa ba ya ci." Wannan ma gaskiya ce mai rabi. Tambayoyi uku ne daban-daban da muke haɗawa wuri guda. Ta farko, shin abin da kansa yana ci? Ita ce ta haruffan da na lissafa. Ta biyu, idan tartsatsi ya faɗo a kan rufi daga waje, zai kama? Wannan gwajinta daban, kuma nan ne kwano ya yi wa jinka fintinkau. Duk wanda ya ga yadda iskar hunturu ke ɗaukar wuta daga ƙunar daji ko wurin bandar kifi ta jefa kan jinka ya san haka, kuma ba mu manta da yara fiye da 20 da suka rasu a ajin zana a Maraɗi cikin Nuwamban 2021 ba. Ta uku ita ce, minti nawa abin zai tsaya tsakanin wuta da abin da ke bayansa? A nan kwano ba shi da abin faɗa. Ba ya ci, amma zafi yana ratsa shi nan take. Na alminiyam yana narkewa a digiri 660, zafin da gobarar ɗaki ke wucewa cikin sauƙi, na ƙarfe kuma ya lanƙwashe ya rufto. Kwano yana kare ka daga wutar maƙwabci, ba ya kare ka daga abin da ka liƙa a ƙarƙashinsa. Hasali ma riƙe zafin yake yi a ciki.

Tunda muna maganar rufi, wata 'yar tunatarwa ga mutanenmu na ƙauyukan da aka tasa lokacin da aka tare ruwan Kainji a 1968. Da yawa daga gidajen da aka gina musu an rufe su da asbesto, kuma har yau akwai ragowarsa, akwai kuma tsohon silin asbesto a makarantu da gidaje. Shi ba ya cin wuta, amma ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru. Kada wani ya ji na ce a nemi abin da ba ya ci, ya je ya kwaso tsohon asbesto yana yankawa da zarto.

To mene ne maganin? A sa shamaki tsakanin soson da ɗakin. Dokar gini ta Amurka ta faɗi abin a fili: duk soson roba da ke cikin gini sai an raba shi da cikin ɗaki da allon jifsam mai kaurin rabin inci, wato milimita 12.7, ko wani abu da aka gwada ya yi daidai da shi, wanda zai hana zafi isa ga soson na tsawon minti 15. Me ya sa jifsam? Saboda kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin dutsen. Idan wuta ta taɓa shi, sai ruwan nan ya riƙa fita a matsayin tururi, kuma muddin yana fita, bayan allon ba ya wuce zafin tafasar ruwa da yawa. Kowane murabba'in mita na allon yana ɗauke da ruwa kusan lita 2. A silin Kawu, ya haura lita 30 na ruwa ke nan a shimfiɗe a ƙarƙashin lita 18 na fetur. Garin fi-o-fi da muke silin da shi ma jifsam ne, don haka silin fi-o-fi na gaske, mai kauri, ba wanda aka yi shara-shara don a rage buhu ba, yana taimakawa ƙwarai. A bango kuwa, a ɗaura wayar raga a yi filastar siminti da yashi mai kaurin santimita biyu.

Ku lura, minti 15 ɗin nan ba don a ceci firiza ba ne. Don mutum ya farka ya fita ne, maƙwabta su kawo ɗauki. Mu da muke bakin ruwa mun sani, duk yawan ruwan Kainji, bokiti ne motar kwana-kwanarmu ta farko.

Akwai abubuwa uku da ake ɗauka shamaki ne alhali ba shi ba ne. Na farko silin roba, wanda ake kira fi-bi-si. Da na gama bayani, kafintan Kawu cewa ya yi, "Oga, sai mu rufe shi da fi-bi-si, ya fi araha, ya fi kyau." Na ce tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Gaskiya ne wannan robar takan mutu da kanta idan aka janye wuta, amma zafi kaɗan ke sa ta yi laushi ta zazzago daga ƙusoshinta, ta bar soson a buɗe, ga hayaƙinta mai yaji da ke ƙona ido da maƙogwaro. Na biyu, 'yar takardar alminiyam mai ƙyalli da ke jikin wasu allunan. Tana mayar da zafin rana, amma siririya ce kamar ledar biskit, ba ta tsayawa gaban wuta. Na uku, siririn falankin silin da fenti. Falanki itace ne, fenti kuma ado ne.

Masu ɗakin sanyi, allunanku masu langa-langa ciki da waje sun fi soso tsirara nesa ba kusa ba, amma ku kula da bakin allo da duk inda aka huda don bututu ko waya. Ta nan wuta ke shiga, ta riƙa cin soson a ɓoye tsakanin ƙarafa biyu inda ruwa ba ya isa, har allon ya saki ya faɗo. Kowane baki a rufe shi da ƙarfe, kowace huda a toshe ta, kuma kada a yi walda a jikinsa.

Ga abin da muka yi a shagon Kawu. Da farko mai wayarin ya zare duk wayoyin da aka ratsa cikin soson. Dalili biyu ne: wayar da aka binne a soso ba ta samun inda za ta fitar da zafinta, sannan robar jikin waya idan ta daɗe tana taɓa farin soso, sinadarin da ke sa ta laushi yana tsotsewa, ta bushe ta fara tsagewa. Aka sa su cikin bututu, aka bi da su ta bango. Sai aka kafa sandunan silin a ƙasan soson, tazarar santimita 40 tsakani, aka ɗaure allunan jifsam da sukurori, ba da gam ba, domin gam yana sakewa idan ya ji zafi. Allo ɗaya mita 1.2 ne a mita 2.4, bakwai sun rufe shagon, muka sayi takwas saboda yanka. Aka cike duk haɗin allo da gefen bango da garin fi-o-fi, domin ramin da yatsa zai shiga, wuta ma za ta shiga. Ƙwayayen fitila aka sa masu zama a fuskar silin, ba masu shigewa cikin rami ba. Kafin duk wannan sai da aka toshe yoyon kwano biyu, saboda jifsam ba ya shiri da ruwa, idan ya jiƙe ya ruɓe ya faɗo.

Abu na ƙarshe shi ne wanda Kawu ya fi yi mini gardama a kai. Shagonsa na cikin jerin shaguna biyar ne, kuma bangon da ke tsakaninsu ya tsaya ne daidai silin. Daga nan zuwa kwano fili ne guda daga shagon farko har na ƙarshe. Allon da muka sa yana kare soson daga wutar da ta tashi a cikin shagon, amma idan ta taso daga maƙwabci ta bi ta saman, za ta same shi. Wannan filin na sama shi ne hanyar da gobarar kasuwa ke bi ta cinye layi guda kafin a ankara. Sai da maƙwabcinsa ya yarda suka raba kuɗi, aka ɗora bulo layi uku har ya taɓa kwano ta ɓangarorin biyu. Batiran da inbata kuma aka gina musu ɗan akurki na bulo mai iska a waje.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba, wa ke da kuɗin silin biyu?" Ban raina wannan magana ba. Kawu ma sai da ya jinkirta sayen firiza na uku. Amma amsata ita ce, idan kuɗinka bai kai na soso da marufinsa ba, to bai kai na soso ba. Ka yi silin fi-o-fi ko jifsam kaɗai, ka bar tazara tsakaninsa da kwano, ka buɗe ƙananan tagogin iska masu raga a ɓangarori biyu don zafin da ya taru a sama ya riƙa fita, ka shafa wa kwanon farin fenti. Sanyin ba zai kai na soso ba, amma za ka ji bambanci. In kuma da hali, ka nemi audugar dutse ko ta gilashi ka shimfiɗa a kan silin, tana tare zafi kuma ba ta ci, sai dai a sa safar hannu da takunkumi wajen aikinta saboda ƙaiƙayi.

Idan za ka sayi kowane irin allo, tambayi mai shago abu uku. Wane harafi ne, kuma na wane tsari? Ina takardar, kuma a wane kauri aka gwada? An gwada shi tsirara ne ko a bayan wani abu? In ya ɗauko laita, ka ce masa ka riga ka san wannan.

'Yan uwana kafintoci da magina, mu ne mutane ke yarda da maganarmu. Mai gida bai san E ba, bai san B2 ba, abin da muka ce shi zai yi. Idan ya dage sai an bar soso a buɗe a ɗakin da yara za su kwana, gara ka rasa aikin. Masu kula da masallatai da makarantun Islamiyya da na allo kuma, don Allah yau bayan salla ku ɗaga kai ku dubi abin da ke samanku. Idan kun danna da yatsa ya lotsa, ku nemi wanda ya sani ya duba.

Jiya Kawu ya kira ni ya ce an gama fenti, sanyin shagon yana nan yadda yake, har ya fi. Ya ce yaran sun ce yanzu ɓeraye ma sun daina zubo musu da farin gari a kan katifa. Sannan ya ce maƙwabcinsa na shago na huɗu yana son lambata, shi ma irin soson ya saya, bai kai ga liƙawa ba.

Wanda ke da irin wannan silin a gida ko shago, ya ɗauki hoto ya turo, in Allah Ya so zan duba in faɗi abin da na gani. Ku tura wa wanda kuka san yana gini. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya jiƙan waɗanda suka rasu ta sanadinta. Amin.